Mabuɗi ɗaya ko mabuɗi biyu: yadda ake kulle saƙo a kwamfuta, daki-daki ga ɗalibin shekarar farko

Ka ɗauka kana da wata takarda da kake so ta isa hannun abokinka da ke nesa, kuma hanya ɗaya ce tak: ka ba ɗan aike wanda ba ka yarda da shi ba. Zai iya buɗewa ya karanta, zai iya kwafa, zai iya ma canza abin da ke ciki. Haka intanet take. Duk saƙon da ya bar wayarka yana bi ta na'urori da dama da ba naka ba kafin ya isa. Kulle saƙo, wanda a aji za ka ji ana ce masa inkirifshin, shi ne juya rubutu ya koma shirme a idon duk wanda ba shi da mabuɗi. Hanya biyu ce ake bi. Ta farko ita ce simetirik, inda mabuɗin da ya kulle shi ne yake buɗewa. Ta biyu asimetirik, inda mabuɗin kullewa daban, na buɗewa daban.

Yawancin ɗalibai suna haddace wannan, sannan su tambaya wacce ta fi ƙarfi. Tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a kusan duk inda ake amfani da su tare suke tafiya. Abin da ya raba su shi ne amsar tambaya guda: ta yaya mabuɗi zai isa wurin wanda ya dace ba tare da ɗan aike ya gan shi ba? Za mu bi wannan takarda taka tun daga hannunka har hannun abokinka. Tanadi biro da takarda, da kwamfuta mai OpenSSL, manhajar kulle saƙo da ake ba umarni a rubuce, idan da hali.

Mataki na farko: akwati mai makulli iri ɗaya

Ka sayi akwatin ƙarfe, aka yanka maka makulli biyu iri ɗaya sak. Ka riƙe ɗaya, abokinka ya riƙe ɗaya. Ka sa takarda, ka kulle, ka ba ɗan aike. Ya yi ta juya akwatin yadda ya ga dama, ba abin da zai gani. Wannan ita ce simetirik ɗungurungum.

Bari mu yi ta da hannu. Saƙonka lamba ce, 4729. Mabuɗin da kuka yarda da shi 8153. Ƙa'idar ita ce a tara kowane adadi da takwaransa, idan jimla ta kai 10 a jefar da goman, kamar yadda hannun agogo yake komawa farko idan ya cika zagaye. 4 da 8 sun ba da 12, ka rubuta 2. 7 da 1, 8. 2 da 5, 7. 9 da 3, 12, ka rubuta 2. Abin da ɗan aike zai ɗauka shi ne 2872. Abokinka sai ya debe mabuɗin, inda bai isa ba ya ranto 10: 12 a debe 8 saura 4, 8 a debe 1 saura 7, 7 a debe 5 saura 2, 12 a debe 3 saura 9. Saƙo ya dawo, 4729.

Lura da abu ɗaya. Ba a ɓoye ƙa'idar ba. Ko ɗan aike ya san tarawa ake yi, bai san me aka tara ba. Wannan tsohuwar doka ce da Auguste Kerckhoffs ya rubuta a 1883: tsari ya tsaya da ƙafarsa ko da maƙiyi ya san yadda aka gina shi, sirrin ya kasance a mabuɗi kaɗai. Duk wanda ya ce maka ya ƙirƙiro tasa hanyar kullewa kuma ƙarfinta a ɓoye ƙa'idar yake, kada ka ba shi ajiyar komai.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Washegari ka sake aika saƙo, 4700, da mabuɗin jiya. Ya fito 2853. Ɗan aike yana da 2872 da 2853. Ya debe ɗaya daga ɗaya, adadi da adadi, ya sami 0, 0, 2, 9. Wannan shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin saƙonninka biyu, mabuɗin ya ɓace daga lissafin gaba ɗaya. Ya riga ya san farkonsu iri ɗaya ne. Idan kuma ya yi hasashen na biyun ya ƙare da sifili biyu, to rabin mabuɗin ya shiga aljihunsa, 5 da 3 ga su a fili. Riƙe wannan misali da kyau, domin irin wannan kuskure yana kashe tsare-tsare na gaske har gobe.

Abin da kwamfuta take amfani da shi a yau shi ne AES, wanda hukumar NIST ta Amurka ta amince da shi a 2001. Yana yanka saƙo gida-gida, kowane gida bit 128, wato bayit 16, ya cakuɗa shi da mabuɗi zagaye 10, 12 ko 14, gwargwadon tsawon mabuɗin: bit 128, 192 ko 256. Mabuɗi mai bit 128 yana da yiwuwa da yawanta ya kai lamba mai adadi 39. Ko da na'ura tana gwada tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, ƙare su zai ci shekaru wajen 1 da sifili 19 a bayansa. Wanda ya gabace shi, DES, bit 56 ne kawai, kuma a 1998 wata na'ura da ƙungiyar EFF ta gina ta gano mabuɗinsa cikin awa 56. Kowane bit da aka ƙara yana ninka aikin ɓarawo sau biyu, shi ya sa tazarar 56 zuwa 128 ta wuce tunani.

Gwada da kanka. Rubuta wani abu a fayil mai suna `sako.txt`, sannan:

```
openssl rand -hex 32 > mabudi.txt
openssl enc -aes-256-cbc -pbkdf2 -in sako.txt -out sako.enc -pass file:mabudi.txt
openssl enc -d -aes-256-cbc -pbkdf2 -in sako.enc -out dawo.txt -pass file:mabudi.txt
```

Layin farko ya ƙaga sirri na bayit 32 bisa kacici, ya rubuta shi da haruffa 64. Na biyu ya kulle, na uku ya buɗe da wannan fayil ɗin dai. Duba girman `sako.enc`. Idan saƙonka bayit 100 ne, za ka ga 128: an cike gidan ƙarshe har ya kai 112, sannan aka ɗora bayit 16 a gaba, kalmar `Salted__` da wasu bayit 8 da ake zaɓa sabo kowane lokaci. Sake kulle fayil ɗin sau biyu ka kwatanta, sakamakon ba zai zo ɗaya ba. Waɗannan bayit 8 ɗin ne maganin kuskuren 2872 da 2853. Idan ka canza harafi ɗaya a `mabudi.txt` ka gwada buɗewa, galibi za ka ga `bad decrypt`.

Mataki na biyu: ina makullin zai bi?

Akwatin ya yi kyau, amma mun tsallake wani abu. Ta yaya abokinka ya sami nasa makullin? Idan kun haɗu ido da ido, shi ke nan. Idan ba ku taɓa haɗuwa ba fa? Ba ɗan aike makulli da akwati tare daidai yake da barin akwatin a buɗe. Ka ce za ka sa makullin a wani akwati, to shi ma wancan yana buƙatar makulli.

Akwai matsala ta biyu, ta yawa. A ajin mutum 100, idan kowane mutum biyu suna son sirri tsakaninsu, ana buƙatar makullai 100 sau 99 a raba biyu, wato 4,950, kuma kowane ɗalibi zai riƙa yawo da guda 99. Idan mutum 1,000 ne, 499,500. Balle shafin banki da miliyoyin baƙi suke shiga ba tare da an taɓa ganin fuskarsu ba. Har tsakiyar shekarun 1970, amsar gwamnatoci da bankuna ita ce a tura amintaccen mutum ya kai mabuɗi da ƙafarsa.

Mataki na uku: buɗaɗɗen kwado

Ka san kwadon nan da ake dannawa ya kulle ba tare da makulli ba. Abokinka ya sayi irinsa, ya ajiye makullin a aljihunsa, ya aiko maka da kwadon a buɗe. Ɗan aike ya gan shi, ya taɓa shi, ba komai. Kai kuma ka sa takarda a akwati, ka danna kwadon. Daga wannan lokaci ko kai ba za ka iya buɗewa ba. Makulli bai taɓa fita daga aljihun mai shi ba.

Kwadon shi ne mabuɗin fili, ana raba shi ga kowa. Makullin shi ne mabuɗin sirri, ba ya barin wurin mai shi. A ajin mutum 100, kowa ya yi nasa biyu, jimla 200 maimakon 4,950. Kuma a nan ne ɗalibai suke yawan rikicewa a jarrabawa, don haka a faɗa ƙarara: da mabuɗin filin mai karɓa ake kullewa, ba naka ba. Idan ka kulle da naka kwadon, kai kaɗai za ka iya buɗewa.

Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka fito da wannan tunani a fili a 1976. A 1977 Ron Rivest, Adi Shamir da Leonard Adleman suka samar da RSA, wanda harufansa farkon sunayensu ne. Tushensa lissafi ne mai sauƙin zuwa, mai wuyar dawowa: ninka lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce ka gano waɗanda aka ninka, nan ne gumi yake.

Ga shi da ƙananan lambobi. Abokinka ya zaɓi lambobi biyu waɗanda ba abin da yake raba su sai 1 da su kansu: 5 da 11. Ya ninka su, ya sami 55. Sannan ya rage 1 daga kowacce ya ninka, 4 sau 10, ya sami 40. Wannan 40 ɗin sirri ce. Ya zaɓi lambar da ba ta haɗa mai rabawa da 40 ba, ya ɗauki 3. Sai ya nemi lambar da idan aka ninka ta da 3 aka raba da 40 zai rage 1. Ita ce 27, domin 3 sau 27 shi ne 81, wato 40 biyu da ragowar 1. Mabuɗin fili shi ne 55 da 3. Mabuɗin sirri 27.

Saƙonka 7 ne. Ka ninka 7 da kanta sau uku, 7 × 7 × 7 = 343. Ka raba da 55, ya shiga sau 6, wato 330, saura 13. Ka aika 13.

Abokinka zai ninka 13 da kanta har sau 27 ya ɗauki ragowa. Ba ya yin haka kai tsaye, lambar za ta cika takarda. Yana hawa ne ninki-ninki, yana rabawa da 55 yana ɗaukar ragowa a kowane tsani, abin da `mod 55` yake nufi ke nan:

```
13^2  = 169   mod 55 = 4
13^4  = 4×4   mod 55 = 16
13^8  = 16×16 mod 55 = 36
13^16 = 36×36 mod 55 = 31
```

Tunda 27 shi ne 16 da 8 da 2 da 1, sai ya ninka 31, 36, 4 da 13. 31 sau 36 ya ba da 1116, ragowa 16. 16 sau 4, 64, ragowa 9. 9 sau 13, 117, a cire 110, saura 7. Saƙonka ya fito. Yi wannan lissafi da hannunka ko sau ɗaya, ya fi karanta shafi goma.

Yanzu zama ɗan aike. Kana da 55, 3 da 13. Don samun 27 kana buƙatar 40, don samun 40 kana buƙatar sanin cewa 55 ita ce 5 sau 11. Ɗan firamare zai gane wannan. Amma a RSA na gaske lambar tana da bit 2048, wato adadi 617 idan aka rubuta ta. Mafi girman irin wannan lamba da aka sanar an farfasa a gasar RSA tana da bit 829, a 2020, kuma sai da aka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu ɗimbin yawa.

Kada ka kwatanta bit da bit tsakanin hanyoyin biyu. Mabuɗin AES sai an yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa RSA akwai gajerar hanya ta farfasa lamba. Shi ya sa RSA mai bit 2048 ƙarfinsa kusan na mabuɗin simetirik mai bit 112 ne, kuma sai ya kai 3072 yake kamo AES mai 128. Wani nau'in asimetirik da ake ginawa a kan lanƙwasassun layuka, wanda za ka gani a rubuce da ECC, yana kai wannan matsayi da bit 256 kacal, dalilin da ya sa ya mamaye wayoyi.

Misalin namu yana da wani rami da ya kamata ka leƙa. Kulle 2: 2 × 2 × 2 = 8, bai ma kai 55 ba, duk wanda ya ga 8 ya san 2 ne. Kulle 1, ya fito 1. Sannan 7 kullum 13 take bayarwa, kuma tunda kwadon yana hannun kowa, ɗan aike zai iya kulle duk saƙonnin da yake zato ya ga wanne ya ba da 13. Idan saƙon "e" ne ko "a'a", gwaji biyu ya ishe shi. Saboda haka ba a taɓa amfani da RSA tsirara. Ana cakuɗa saƙon da ciko na kacici kafin a kulle, kuma cikon da ake so yau sunansa OAEP.

Mataki na huɗu: a haɗa su

Me zai hana a yi komai da kwado a huta? Abu biyu. Na farko, akwatin RSA ƙarami ne ƙwarai. Saƙo dole ya gaza lambar da ake rabawa da ita, kamar yadda a misalinmu ba za ka iya aika 60 ba. Bit 2048 bayit 256 ne, OAEP da SHA-256, lissafin da yake taƙaita kowane bayani zuwa bayit 32, ya cinye 66, saura 190. Ko hoto ɗaya ba zai shiga ba. Na biyu, nauyi. Kwamfutar zamani tana tura ɗaruruwan megabayit, sau da yawa fiye da gigabayit, ta cikin AES a daƙiƙa ɗaya, domin an gina shi a cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Buɗe RSA kuwa ana lissafa shi ne da ɗaruruwa ko 'yan dubbai a daƙiƙa, kowanne bayit 190. Gwada `openssl speed rsa2048` da `openssl speed -evp aes-256-cbc` ka gani da idonka.

Dabarar ita ce: kaya su shiga babban akwati mai makulli ɗaya, makullin kuma ya shiga ƙaramin akwati mai kwado, a aika su tare. Abokinka ne zai fara, a kwamfutarsa:

```
openssl genpkey -algorithm RSA -pkeyopt rsa_keygen_bits:2048 -out sirri.pem
openssl pkey -in sirri.pem -pubout -out fili.pem
```

Zai aiko maka `fili.pem` kaɗai. Buɗe shi ka duba layin farko. Idan ka ga `BEGIN PUBLIC KEY`, daidai. Idan ka ga `BEGIN PRIVATE KEY`, ya aiko makulli maimakon kwado, kuma maganin ba "goge shi don Allah" ba ne. Mabuɗin ya ƙone, ya jefar da shi ya yi sabo.

Kai kuma kana da `sako.enc` da `mabudi.txt` daga mataki na farko. Fayil ɗin mabuɗin bayit 65 ne, ya shiga cikin 190 da sarari:

```
openssl pkeyutl -encrypt -pubin -inkey fili.pem -pkeyopt rsa_padding_mode:oaep -pkeyopt rsa_oaep_md:sha256 -in mabudi.txt -out mabudi.enc
```

`mabudi.enc` zai fito bayit 256 cif, komai ƙanƙantar abin da ka sa. Aika shi tare da `sako.enc`, ka bar `mabudi.txt` a gida. Abokinka zai buɗe ƙaramin akwati tukuna:

```
openssl pkeyutl -decrypt -inkey sirri.pem -pkeyopt rsa_padding_mode:oaep -pkeyopt rsa_oaep_md:sha256 -in mabudi.enc -out mabudi.txt
```

Daga nan ya buɗe babban da layin `enc -d` na ɗazu. Idan ka gwada cusa babban fayil kai tsaye cikin RSA, za ka gamu da `data too large for key size`. Idan buɗewar ta ƙi alhali mabuɗin daidai ne, duba ko ɓangarorin biyu sun rubuta zaɓin ciko iri ɗaya. Wanda ya manta `rsa_oaep_md:sha256` a gefe ɗaya zai kwana yana zargin mabuɗi.

Mataki na biyar: kwadon wa ka danna?

Nan ne misalin kwado yake nuna iyakarsa, kuma nan ne ya fi cancanta ka tsaya. Kwadon da ya iso hannunka, ta hannun ɗan aike ya iso. Idan ya ɓoye na abokinka ya miƙo maka nasa fa? Ka sa takarda, ka danna, ka ba shi. A hanya ya buɗe da makullinsa, ya karanta, ya mayar, ya danna kwadon abokinka na gaske, ya kai. Kai ka ga ka kulle, abokinka ya ga ya buɗe, babu wanda ya ga alamar komai. Ba a karya lissafi ko ɗaya ba. Wato asimetirik bai kashe matsalar rabon mabuɗi ba, ya sauya mata fuska ne: da ana buƙatar hanyar da ba mai gani, yanzu ana buƙatar hanyar da ba mai musanyawa. Ta biyun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma dole a yi ta.

Tsakanin mutum biyu, maganin shi ne a kwatanta zanen yatsan mabuɗin:

```
openssl pkey -pubin -in fili.pem -outform DER | openssl dgst -sha256
```

Zai ba da haruffa 64. Kira abokinka ta inda ka san muryarsa, ya karanto nasa, ka bi naka har ƙarshe. Kada ya turo ta hanyar da mabuɗin ya biyo, don wanda ya musanya kwado zai musanya wannan ma. Lambar tsaro mai adadi 60 da ake kwatantawa a Signal da WhatsApp wannan aikin take yi.

Akwai kuma gefen abokinka. Kwadonsa yana hannun kowa, don haka akwati ya iso a kulle ba ya nufin daga gare ka yake. A nan sa hannu yake shigowa, kuma misalinsa hatimi ne: mutum ɗaya ne yake da shi, amma kowa zai iya duba tambarin ya gane. Da mabuɗin sirrinka kake sa hannu, da mabuɗin filinka ake tantancewa. Yi naka mabuɗan biyu kamar yadda abokinka ya yi, sannan:

```
openssl dgst -sha256 -sign nawa_sirri.pem -out sako.sig sako.enc
openssl dgst -sha256 -verify nawa_fili.pem -signature sako.sig sako.enc
```

Layin farko naka ne, na biyu nasa. Idan komai lafiya zai ga `Verified OK`. Canza bayit ɗaya a `sako.enc`, tantancewar ta faɗi. Sa hannu ba ya ɓoye komai, yana tabbatar da mai aikawa ne da kuma cewa ba a taɓa kayan ba. Wannan yana da muhimmanci a gwajinmu, domin salon CBC da muka yi amfani da shi yana ɓoyewa ne kawai. Mutum zai iya lalata tsakiyar fayil ɗin, ya buɗu ba tare da ƙorafi ba, wani yanki ya fito a gurɓace. A aiki na gaske ana zaɓar salon da yake haɗa ɓoyewa da gano taɓi, irin su AES-GCM ko ChaCha20-Poly1305, waɗanda umarnin `openssl enc` ba ya yi. GCM ma yana da nasa sharaɗin: wata lamba mai bit 96 da ba a maimaita ta da mabuɗi ɗaya. A maimaita ta, labarin 2872 da 2853 ya dawo kusan yadda yake. Salon ECB kuwa a guje shi ɗungum, domin gida biyu masu abu ɗaya suna fitowa iri ɗaya, har siffar hoto takan bayyana a cikin abin da aka ce an kulle.

Idan baƙo ne fa, kamar shafin da ba ka da wanda za ka kira? Sai a nemo wanda aka riga aka yarda da hatiminsa. Shafin yana miƙo maka satifiket, wato takarda mai ɗauke da sunansa da mabuɗin filinsa, da sa hannun wata hukumar bayar da satifiket a kai. Wayarka ta zo daga kamfani da jerin mabuɗan filin waɗannan hukumomi, da su take duba hatimin. Gargaɗin da burauza take yi cewa satifiket bai inganta ba yana nufin ɗaya daga abu kaɗan: wa'adinsa ya ƙare, sunan da ke kai ba na shafin ba ne, ba a san mai hatimin ba, ko kuma agogon na'urarka ne ya kauce. Fara duba agogon. Idan yana daidai, kada ka shigar da kalmar sirri.

Abin da ke faruwa idan ka ga `https`

Duk matakan nan ne suke gudana cikin ƙiftawar ido, da bambanci guda. TLS shi ne tsarin da yake kulle hirar `https`, kuma sigarsa ta 1.3, wadda aka fitar a 2018, ta sa ya daina sa makulli a ƙaramin akwati yadda muka yi. Dalili: idan ɗan aike yana kwafar duk akwatunan da suka wuce yana tarawa, ranar da ya saci mabuɗin sirrin abokinka zai buɗe na shekaru gaba ɗaya. Maimakon haka ɓangarorin biyu suna ƙera mabuɗi tare, ta hanyar Diffie da Hellman.

Misalinta fenti ne. Kun yarda da launi ɗaya a gaban kowa. Kowannenku ya zuba nasa ɓoyayyen launi a ciki, kuka yi musayar gwangwanayen. Kowa ya ƙara nasa launin a kan wanda ya karɓa. Yanzu ku biyu kuna da haɗi iri ɗaya na launi uku, shi kuwa ɗan aike ya ga haɗin biyu-biyu ne kawai, kuma fenti idan ya gauraya ba ya rabuwa. A lambobi: an yarda da 17 da 3. Ka ɓoye 6, ka ninka 3 da kanta sau 6, ka raba da 17, ka aika ragowar, 15. Abokinka ya ɓoye 11, ya aiko 7. Ka ninka 7 da kanta sau 6, shi ya ninka 15 da kanta sau 11, kowa ya ɗauki ragowa: 9 a nan, 9 a can. Ba a taɓa aika 9 ba. Daga irin wannan lamba ake fitar da mabuɗin AES, shafin ya sa hannu a kan musayar don kada wani ya shiga tsakani, kuma da an gama hira a zubar da 6 da 11. Wanda ya saci mabuɗin sirrin shafin gobe zai iya yin sojan gona da sunansa har a soke satifiket ɗin, amma hirar jiya ta riga ta fi ƙarfinsa.